Taken imel: yadda al'adar takardar ofis ke jefa saƙon ma'aikaci cikin shara

Takardar da masinja ya kai wata ma'aikata a Sakatariyar Tarayya tana da masu gabatar da ita tun kafin a karanta ta. Akwai tambarin gwamnati a samanta, akwai lambar fayil, akwai sa hannu, sannan a ofishin rajista za a buga mata hatimin karɓa a rubuta kwanan wata. Ko daraktan da aka aika wa bai san marubucin ba, waɗannan shaidu sun isa su sa ya yarda cewa takardar ta fito daga inda ta ce ta fito. Saƙon imel da aka aika wa wanda bai san mai aikawa ba, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan masu ceto. Abin da ke gabatar da shi layi biyu ne ko uku a fuskar waya: sunan mai aikawa, taken saƙon, da 'yan kalmomin farko na cikinsa. Da su kaɗai mai karɓa zai yanke hukunci, cikin ɗan lokacin da bai kai na kurɓar shayi ba, ko ya buɗe, ko ya wuce, ko ya danna masa tambarin shara.

Matsayar wannan rubutu ita ce yawancin saƙonnin ma'aikatan gwamnati da hadiman 'yan siyasa da ke mutuwa ba a buɗe su ba, takensu ne ke kashe su, kuma abin da ke lalata taken shi ne ladabin rubutun ofis da aka ɗauko daga takarda aka ɗora wa imel ba tare da an tambayi ko ya dace da shi ba. Maganin kuma ba dabarar 'yan talla ba ce. Shi ne take ya faɗi ainihin abin da ke cikin saƙon, da kalmomin da mai karɓa ya riga ya sani a bakin aikinsa, a kuma sa mafi nauyinsu a gaba.

A ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. Wani hadimin ɗan Majalisar Wakilai yana neman sanin inda aka kwana game da rijiyoyin burtsatse 12 da aka sa wa mazaɓar maigidansa a kasafin kuɗin 2024. Kwamiti zai zauna ranar 14 ga wata, ɗan majalisar kuma yana son ya shiga zaman da bayani a hannu. Wanda ke da bayanin darakta ne a sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na wata hukuma, hadimin kuma bai taɓa haɗuwa da shi ba. Adireshinsa ma a jerin sunayen mahalarta wani taro ya tsinta. An riga an aika takarda ta hannun shugaban hukumar kamar yadda ƙa'ida ta tanada, amma takarda tana iya yin mako biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur, don haka hadimin ya ga ya kyautu ya tuntuɓi daraktan kai tsaye. Ya zauna ya rubuta saƙo mai kyau, ya sa masa take kamar yadda ya saba gani a saman wasiƙun ofis: RE: URGENT REQUEST FOR YOUR KIND ASSISTANCE.

A wurin hadimin, babu laifi ko ɗaya a wannan layi. A wasiƙar ofis, RE: na nufin “game da”, an gaje shi ne daga Latin ta hannun lauyoyi da magatakardan Turawa, kuma manyan haruffa su ne adon kanun wasiƙa tun zamanin tafireta. Sai dai a imel, manhaja ce ke liƙa RE: da kanta a duk lokacin da mutum ya amsa wani saƙo. Don haka idan darakta ya ga RE: daga sunan da bai sani ba, abin da ya fahimta shi ne wani yana riya cewa sun taɓa magana alhali ba su taɓa ba. Wannan tsohuwar dabara ce ta masu talla da 'yan damfara, an kuma yi ta har ta tsufa. Hadimin ya yi nufin bin ƙa'ida, amma a idon mai karɓa ya fara da ƙarya tun kafin ya yi sallama.

Sauran kalmomin ma ba su taimake shi ba, kuma a nan ma'aikacin Najeriya yana ɗauke da wani kaya da takwaransa na wata ƙasa ba ya ɗauke da shi. Wasiƙun damfarar da duniya ta sani da 419, sunan da aka ciro daga sashe na 419 na kundin dokar manyan laifuffuka, an gina su ne a kan kwaikwayon rubutun ma'aikacin gwamnati. Tun suna tafiya ta gidan waya da na'urar faks kafin su koma imel, marubutansu sukan gabatar da kansu a matsayin manyan jami'an wata ma'aikata ko Babban Bankin Najeriya ko kamfanin mai na ƙasa, da labarin kuɗin kwangila da suka yi rara ana neman asusun da za a zuba su. Kanunsu kuwa manyan haruffa ne, da kalmomi irin URGENT da CONFIDENTIAL da ASSISTANCE da BUSINESS PROPOSAL. Ɓarayin sun saci tufafin ma'aikaci suka yi ta fashi da su shekara da shekaru, har ta kai ga in ma'aikacin gaskiya ya sanya tufafin nasa, sai a yi masa kallon ɓarawo. An kafa hukumar EFCC, an yi dokar yaƙi da irin wannan damfara a 2006, amma doka ba ta goge abin da idon mutane da na'urorin tace saƙonni suka riga suka koya. Wanda ke rubuta wa wata jami'a ko ƙungiyar ba da tallafi a ƙetare daga Abuja, ya kamata ya san cewa kalmomin nan sun ƙone, kuma ba shi ne zai farfaɗo da su ba.

Ko da an ajiye batun damfara gefe, taken yana da aibu mafi girma: bai faɗi komai ba. Buƙatar gaggawa ta neman taimako tana iya zama neman aiki, ko neman kwangila, ko kuɗin asibiti, ko gayyatar ɗaurin aure. Darakta yana samun irin waɗannan a kullum, ya kuma koyi cewa buɗe su ɗaukar wa kai nauyi ne. Take maras bayani yana neman mai karɓa ya biya da lokacinsa kafin ya san abin da ake sayar masa, mutumin da ke da saƙonni masu yawa a gabansa kuwa ba ya yin irin wannan ciniki da baƙo.

Da kwana biyu suka wuce shiru, sai hadimin ya sake lale. Ya ga cewa abin da ya rasa shi ne nuna ko shi wane ne, don haka ya rubuta take mai tsawo wanda ya fara da “Daga ofishin mai girma ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar tarayya ta kaza”, ya ci gaba da sunan kwamiti, sannan a can ƙarshe ya ambaci rijiyoyin. (Misalan nan an kawo su da Hausa, ko da yake da Turanci ake yawan rubutun aikin tarayya, ginin layin ɗaya ne a kowane harshe.) Wannan ya fi na farko gaskiya, amma ya ci karo da wani shinge na daban, wato faɗin fuskar waya. Manhajojin imel na waya sukan nuna haruffa kamar talatin zuwa arba'in na take, gwargwadon girman wayar da girman rubutun da mai ita ya zaɓa, sauran sai su yanke su da ɗigo uku. A kwamfuta ana ganin fiye da haka, kamar sittin ko saba'in, amma darakta ya fi duba saƙonninsa a mota ko a tsakanin taro da taro. “Daga ofishin mai girma ɗan majalisa” kaɗai haruffa talatin da biyar ne idan an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ke nan duk filin da hadimin yake da shi ya ƙare a kan kirari, rijiyoyin kuma suna bayan labule.

Akwai wurin da aka tanada domin faɗin ko wane ne mai magana, shi ne gurbin sunan mai aikawa, wanda yake fitowa a sama da take, galibi da rubutu mafi kauri. Mutane da yawa ba su taɓa duba abin da ke rubuce a wannan gurbi na akwatinsu ba tun ranar da suka buɗe shi suna ɗalibai, sai a ga saƙon aikin gwamnati ya iso da laƙabin da abokai ke kiran mutum da shi, ko da addu'a, ko da sunan ƙungiyar ƙwallo. Gyara shi aikin minti biyu ne a cikin saitin akwatin: cikakken suna, waƙafi, sai ofis a taƙaice. Da zarar an yi haka, take ya sami 'yanci ya yi nasa aikin.

Jarabawa ta uku ita ce mafi hatsari, domin tana aiki. Wani abokin hadimin da ya saba da harkar yaɗa labarai a kafafen sada zumunta zai iya ba shi shawarar ya rubuta abin da zai tayar wa daraktan da hankali, kamar “An ambaci sashenka a majalisa” ko “Kafin maganar nan ta kai wurin minista”. Babu shakka darakta zai buɗe, kuma cikin gaggawa. Amma abin da zai tarar a ciki roƙon bayani ne kan rijiyoyi, babu wanda ya ambaci sashensa, babu maganar da ke hanyar zuwa wurin minista. A wannan lokaci hadimin ya sami buɗewa ya rasa mutumin. Mai tallan takalmi da ke aika wa mutum dubu hamsin saƙo yana iya jure fushin mafi yawansu idan ɗari suka saya. Hadimi yana da darakta ɗaya tak a wannan sashe, zai kuma sake bukatarsa a kasafin baɗi, watakila ma su haɗu a zauren kwamiti ido da ido. Abuja ƙaramin gari ne ga masu aikin gwamnati, labarin wanda ya razana darakta da ƙarya kuma ba ya daɗewa bai zaga ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a imel kuwa tsawonsa bai wuce dannawa ɗaya ba. Hatta a Amurka, inda tallan imel ya fi ko'ina bunƙasa, dokar CAN-SPAM ta 2003 ta haramta sa wa saƙon kasuwanci take mai ɓatar da mai karatu game da abin da ke ciki.

Bambancin take mai jan hankali na halal da na tarko a wuri ɗaya yake. Na tarko yana ɓoye abin da ke ciki domin a buɗe a gani. Na halal yana bayyana abin da ke ciki, sai mai karɓa ya buɗe saboda ya gane cewa maganar tasa ce. Gwajin da ke raba su mai sauƙi ne: idan mai karɓa ya gama karanta saƙon ya koma ya dubi taken, zai ce haka ne, ko zai ji an yi masa wayo?

Taken da ya kamata hadimin ya fara da shi tun ranar farko shi ne irin wannan: “Burtsatse 12 na kasafin 2024: matsayin aiki kafin 14 ga wata”. Haruffa sittin ne gaba ɗaya, kuma talatin na farko, waɗanda kowace waya za ta nuna, sun riga sun faɗi batun. Darakta yana ganinsa ya san wane fayil ake nufi, ya san wane jami'i a ƙarƙashinsa ne ke riƙe da shi, ya san cewa bayani ake nema ba kuɗi ba. Lambar 12 da shekarar 2024 suna yin aikin da hatimi ke yi a takarda, domin ɗan damfara mai watsa saƙo ɗaya ga dubban mutane ba zai iya sanin adadin rijiyoyin da ke teburin wannan darakta ba. Idan an ƙara sunan ƙaramar hukumar da aikin yake, ya fi. Idan kuma hadimin ya duba kundin kasafin ya ciro lambar aikin, irin wadda ke farawa da ERGP, ya sa ta a layin farko na saƙon, to ya rage wa sashen rabin wahalar nema, kuma ya nuna cewa ya yi nasa aikin kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Kwanan watan da ke ƙarshen taken ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya maye gurbin URGENT. Kalmar gaggawa hukunci ce da mai aikawa ya yanke a madadin mai karɓa, kuma kowa yana yanke ta a kan saƙonsa, shi ya sa ta daina nauyi. Kwanan wata kuwa labari ne. Yana ba darakta damar ya auna da kansa: yau 5 ga wata, ana so kafin 14, akwai kwana tara, za a iya. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya zama na gaskiya, a kuma faɗi dalilinsa a cikin saƙon, wato zaman kwamiti. Wa'adin da aka ƙirƙira domin a matsa wa mutum ɗan'uwan taken tarko ne.

Za a iya cewa wannan salo ya yi tsirara da yawa, bai dace da ƙarami yana rubuta wa babba ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin a aikin gwamnati matsayi ba abin wasa ba ne, akwai kuma manyan da ke lura da wanda ya tsallake gaisuwa. Amma a duba takardun da manyan suke rubuta wa juna. Kanun kowace takardar da ake kai wa Majalisar Zartarwa ko ake ɗora wa babban sakatare a fayil batun kawai yake faɗa, ba a sa “ranka ya daɗe” a cikinsa. Gaisuwa tana da mazauninta a cikin wasiƙa. Girmamawar da take zai iya yi wa babba ita ce ya tanadar masa lokaci, ya bar shi ya san abin da ake so kafin ya buɗe. Abin da za a kiyaye shi ne kada taken ya zama umarni. “Turo mana rahoto kafin 14” magana ce ta shugaba ga na ƙasa da shi. “Neman matsayin aiki kafin 14” roƙo ne da ya san iyakarsa, bambancin kuma kalma ɗaya ce.

Gaisuwar ma tana bukatar a yi mata linzami, saboda wani dalili da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Gmail da Outlook da manhajar iPhone duk suna nuna farkon saƙon a ƙarƙashin take ko a gefensa. Wannan fili kyauta ne, kusan take na biyu. Idan saƙon ya fara da layi uku na fatan alheri da tambayar iyali da aiki, su za a gani a nan, su ne kuma abin da kowane saƙon roƙo ke farawa da shi. Ya fi kyau a yi gaisuwa ta kalma uku ko huɗu, jimlar farko kuma ta ɗauki abin da take bai iya ɗauka ba: wane ne mai rubutu, a ina ya sami adireshin, da kuma cewa takardar hukuma mai lamba kaza ta riga ta isa ofishin shugaban hukumar ranar kaza. Wannan jimla ta ƙarshe tana kwantar wa darakta da hankali cewa ba ana neman ya fitar da bayanin gwamnati ta bayan fage ba ne.

Sai batun ambaton sunan wani. Idan da a ce wani abokin aikin daraktan ne ya ce wa hadimin ya tuntuɓe shi, to babu take da ya kai wanda ya fara da sunan wannan mutum ƙarfi: “Ta hannun wane: burtsatse 12 na kasafin 2024”. Suna sananne yana mayar da baƙo ɗan gida. Amma sai da izinin mai sunan, kuma sai in da gaske ya faɗa. Darakta zai iya ɗaga waya ya tambaya, yakan kuma yi. Wanda ya jingina da sunan babban sakatare don kawai sun gaisa a wurin wani taro, ya ci bashin da ba shi da abin biya.

Adalci ne a faɗi iyakar abin da take zai iya yi. Akwai saƙon da ko an rubuta masa take mafi kyau a duniya ba zai isa gaban mai shi ba, domin na'urar tacewa ta riga ta karkatar da shi zuwa Spam. An daɗe ana yaɗa jerin kalmomin da wai su ke jawo haka, amma na'urorin yanzu sun fi duba asalin saƙo da halin mai aikawa fiye da kalma ɗaya a take. Suna duba ko uwar garken da ta aiko saƙon tana da izinin aikawa da sunan wannan adireshi, ta hanyar shaidu uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Tun watan Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsaurara wannan sharaɗi, musamman ga masu aika saƙonni masu ɗimbin yawa a rana, suka kuma ce kada ƙorafin da masu karɓa ke yi a kan mai aikawa ya kai uku cikin dubu. Hadimi mai aika saƙo ɗaya ba ya cikin wannan rukuni, amma idan adireshin ofishinsa ba a daidaita masa waɗannan shaidu ba, saƙonsa ma yana iya faɗawa rami. Suna kuma duba hali: saƙo ɗaya da aka jera wa adireshi arba'in, ko saƙon da babu komai a cikinsa sai fayil da aka liƙa da kalmomin “duba abin da ke haɗe”, dukansu kamannin masu satar bayanai ne. Abin takaici, haka ofisoshi da yawa ke aika wasiƙa: a buga ta a takarda, a sa hannu, a ɗauki hotonta, a liƙa, a bar cikin saƙon fayau.

Ana iya gane inda matsalar take ba tare da jiran masani ba. Kafin a aika wa darakta, a aika saƙon yadda yake zuwa wani akwatin Gmail da wani na Yahoo ko Outlook na abokan aiki, a duba a waya. Za a ga inda aka yanke taken, a ga abin da ya fito a ƙarƙashinsa, a ga ko ya sauka a babban akwati ko a Promotions ko a Spam. A Gmail na kwamfuta, idan aka buɗe saƙon aka zaɓi Show original, shafin zai nuna ko SPF da DKIM da DMARC sun sami PASS. In ba su samu ba, aikin sashen kwamfuta na ofis ne, babu gyaran take da zai magance shi. Adireshin da ya ƙare da gov.ng, wanda hukumar NITDA ke kula da rajistarsa, shi ne mafi kusa da tambarin gwamnati da imel ke da shi, domin ba kowa ne ke iya mallakarsa ba. Ma'aikacin da ke da irinsa amma ya ci gaba da aika saƙon aiki daga akwatinsa na kansa, ya ajiye hular aikinsa a gida ya zo yana rantsuwa cewa shi jami'i ne.

Wasu sukan sa manhajar da ke sanar da su ko an buɗe saƙonsu. Ba abin dogaro ba ce. Tana aiki ne da wani ɗan ƙaramin hoto da ba a gani, wanda ke sanar da mai aikawa idan an sauke shi, tun 2021 kuwa manhajar imel ta Apple take sauke irin waɗannan hotuna da kanta ko mai wayar bai duba ba. Ban da haka, bibiyar darakta a ɓoye ba hanyar fara hulɗa da shi ba ce. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne amsa, ko kiran waya daga wani jami'in sashen.

Wannan ya kawo ga wani amfani na take bayyananne da ba a cika tunawa da shi ba. Sau da yawa darakta ba shi ne zai amsa ba. Zai tura wa mataimakinsa, shi kuma ya tura wa jami'in da ke riƙe da fayil. Taken yana tafiya tare da saƙon a duk wannan zagaye, shi ne kuma abin da za a rubuta a gurbin nema bayan wata uku idan maganar ta sake tasowa. Wanda ya rubuta “burtsatse” zai sami saƙon hadimin nan take. Wanda ya rubuta ASSISTANCE zai sami saƙonni ɗari, babu yadda zai bambance su.

Idan kwana uku na aiki suka wuce babu amsa, hadimin ba ya bukatar sabon take, kuma kada ya ƙara masa REMINDER da alamun motsin rai uku. Sai ya buɗe saƙon da ya aika, ya amsa a kansa, ya rubuta layi biyu: cewa zaman kwamiti yana nan ranar 14, kuma idan akwai jami'in da ya fi dacewa a tuntuɓa, a taimaka da sunansa. Manhajar za ta liƙa RE: da kanta, wannan karon bisa gaskiya, saƙonnin biyu kuma za su haɗu wuri ɗaya a akwatin daraktan. Tuni ɗaya ya wadatar, biyu shi ne iyaka. Bayan haka abin da ya rage shi ne ya ɗauki kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa, ya hau zuwa ofishin rajista na hukumar, ya tambayi teburin da take kai.